Yadda Na Koyi Yi Wa Iyayenmu Mata Bayani

Ina so in ba ku labarin wani kuskure da na yi, ko wani zai amfana.

A daminar bara gudawa ta kama yara da yawa a unguwarmu. Mai unguwa ya tara mata a ƙofar gidansa, aka ce in yi musu bayanin ruwan gishiri da sukari, tunda ina taimakawa a ɗakin shan magani. Na cika babbar takarda da rubutun boko, na tsaya ina karantawa: lita ɗaya ta ruwa, sukari cokali 6, gishiri rabin cokali. Kowa ya gyaɗa kai. Washegari wata baba ta nuna mini abin da ta haɗa wa jikanta. Da na ɗanɗana, gishiri ya yi yawa ƙwarai, don da cokalin cin abinci ta auna. Na tsorata, domin gishiri in ya yi yawa yana iya cutar da yaro. Laifina ne. Ban nuna mata cokalin ba, kuma yawancin matan ba sa karatun boko.

Da aka sake kiran taro, sai na canja shiri. Na ɗauki magana uku kacal, na zana wa kowace hotonta: hannu ana wanke shi da sabulu, cokali da kwano, sai uwa tana ba yaro a hankali. Kafin ranar na nuna wa kakata hotunan ba tare da na ce komai ba. Ta dubi na biyu ta ce, "Wannan ludayi ne?" Sai na sake zana shi ƙarami, a gefen kofin shayi.

Ranar taro na je da kwano, ƙaramin cokalin shayi da ledar ruwa biyu, don kowace rabin lita ce. Na haɗa a gabansu, ina shafe kan cokalin kada ya yi tozo, muna ƙirgawa tare da murya. Na kawo misalin shukar da ta rasa ruwa ta yi yaushi, na ce haka jikin yaro yake. Kowa ta ɗanɗana, na ce kada gishirinsa ya fi na hawaye. Na ƙara da cewa in yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, a kai shi asibiti nan da nan.

A ƙarshe ban ce "kun gane?" ba, don kunya kan sa a ce e. Na ce, "Baba, zo ki haɗa mu gani." Ta haɗa daidai, mata suna taya ta ƙirga.

Allah ya ba yaranmu lafiya, amin.