Talabijin ɗinka lafiyarta ƙalau: dalilin da ya sa bidiyo yake tsayawa yana juyawa

Idan ka taɓa zama gaban sabuwar talabijin mai intanet, ana tsakiyar kallo sai hoto ya daskare, ƴar da'irar nan ta kama juyawa, to wannan rubutun naka ne. Ni dai saura kaɗan in ɗauki tawa daga nan Yako in mayar da ita Kano, in ce wa wanda ya sayar min ya cuce ni.

Talabijin ce mai inci 43, na saya ne saboda Inna, don ta daina ƙura ido a ƙaramar waya in za ta kalli Labarina a YouTube. Intanet kuwa daga wayata nake ba ta ta Hotspot. Da rana lafiya lau take yi. Amma da an yi ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa ya zauna kallo, sai ta yi ƴan daƙiƙu ta tsaya, ta yi ta tsaya. Ran nan Inna ta ce min, "Kai ɗan nan, ba ni wayar kawai, ita ai ba ta wannan iya shegen." Maganar ta min ciwo, amma ita ta sa na tsaya na yi tunani. Sabis ɗaya ne, ɗaki ɗaya ne, me ya sa waya take yi, talabijin ta ƙi?

Ka fara gane wannan: bidiyon da kake kallo ba a dunƙule yake zuwa ba. An yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ƴan daƙiƙu ce, kuma an ajiye kowacce a matakai daban-daban: 360p, 480p, 720p, 1080p, wani lokaci har 4K. Talabijin tana ɗebo gunduwoyin tana tarawa kafin ka iso wurin, kamar yadda ake cika randa ana ɗiba. Muddin abin da ake zubawa ya fi abin da ake ɗiba, ba za ka ga tsayawa ba. Da randar ta ƙafe, sai da'ira ta fito.

Kowane mataki da irin ruwan da yake sha. YouTube sun ba da shawarar cewa 360p yana son 0.7 Mbps, 480p yana son 1.1, 720p yana son 2.5, 1080p yana son 5, shi kuwa 4K sai 20. Na Netflix ya ɗan bambanta: 3 Mbps don 720p, 5 don 1080p, 15 don 4K. Kuma ana nufin gudun ya ɗore a haka, ba wai ya taɓa lambar ya sauko ba.

Da na san haka, sai na buɗe fast.com a waya na auna. Da hantsi na samu kusan 8 Mbps. Da dare, a kujerar da nake ajiye wayar, 2 kacal. Ba abin mamaki ba ne, domin duk wanda yake kan turken sabis ɗaya da kai raba ƙarfin kuke yi, kuma da dare ne kowa yake hawa.

To ga inda laifina ya fito. Duk bidiyon da na kunna sai in shiga Quality in zaɓi 1080p da hannuna, wai ni na kashe kuɗi, ba zan kalli dishi-dishi ba. Mu yi lissafi. A ce gunduwa ɗaya daƙiƙa 5 ce. A 1080p nauyinta ya kai 5 sau 5, wato megabit 25. Da gudun 2 Mbps, sai ta ɗauki daƙiƙa 12 da rabi kafin ta iso. Ka ga za a cinye ta a daƙiƙa 5, a zauna jiran ta gaba. Ita wannan gunduwar a 480p megabit 5 da rabi ce, ba ta kai daƙiƙa 3 ba ta iso, don haka randa kullum ƙaruwa take. Wayar da Inna take yabo a Auto take, tana saukowa ƙaramin mataki da kanta, sai dai ƙanƙantar gilashinta tana ɓoye raguwar kyan hoton.

Aikin Auto ke nan. Kafin ta nemi kowace gunduwa, manhajar tana duba yadda na baya suka iso da sauri da kuma abin da ya rage a randa, sai ta zaɓi matakin da za ta iya. Shi ya sa wani lokaci bidiyo yake farawa da hazo, bayan ɗan lokaci ya washe. In ka ga hoto ya ɗan lalace ana cikin kallo, ba matsala ba ce, manhajar ce ta zaɓi ta rage kyau maimakon ta tsaya. Kai kuma da ka ɗaure ta a 1080p, ka ƙwace mata wannan damar.

Kada ka tsaya a zato, za ka iya gani da idonka. Kana cikin kallo a YouTube na talabijin, shiga saitin bidiyon ka nemi Stats for nerds. Layi biyu za ka duba. Connection Speed yana nuna gudun da talabijin take samu, a Kbps yake rubutawa, wato 2000 Kbps shi ne 2 Mbps. Buffer Health kuma yana nuna daƙiƙa nawa suka rage a randa. In lambar tana hawa ko ta tsaya a sama, kana lafiya. In tana gangarowa zuwa sifili, matakin ya fi ƙarfin sabis ɗinka, sauko da ɗaya.

Sannan ka gwada lambar talabijin da ta waya. In waya tana ba ka 8, talabijin tana ganin 2, matsalar a cikin gida take: ko Hotspot ya yi nisa, ko wasu sun hau kai. Ni na tarar da wayoyin ƙannena biyu a kai, suna ta sauke bidiyo. Na canza kalmar sirri, na mayar da wayar bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, gudun dare ya ɗan ɗaga zuwa wajen 3. In kuwa dukansu ƙasa suke, daga turke ne, sabuwar talabijin ba za ta gyara ba.

Akwai iyaka, gara in faɗa maka. In gudu ya faɗi ƙasa da abin da 360p yake so, abin da zai rage maka hoto ne mai hazo sosai ko tsayawa. Haka shirin kai tsaye, irin ƙwallo, ya fi saurin tsayawa, saboda ba a iya tara abin da bai riga ya faru ba, randarsa ƙarama ce.

Sai batun aljihu. Gudun 1 Mbps na awa guda yana cin kusan 450 MB. A wannan lissafin, awa ɗaya a 1080p za ta iya haura 2 GB, a 480p kuwa wajen 500 MB ne. Ashe da rana da nake murna tana yi, data take lasa. Don haka ko sabis yana da kyau, in datarka ta awo ce, ɗaure ta a 480p ko 720p da gangan dabara ce. Ɗaurewa a ƙasa ba ta kawo tsayawa, ta sama ce take kawowa.

Yanzu da dare a Auto nake barin ta, yawanci a 480p take zama, in sabis ya sarara ta hau 720p. Inna ta koma kan tabarmarta gaban talabijin, kuɗin motar Kano kuma na zuba data da su. Kai ma kafin ka naɗe taka cikin kwali, auna gudun da dare, ka duba Quality tukuna.