Tarihin Sabo a Shafi Ɗaya

Yaran ƙungiyarmu sun haɗa hotunan majigi har 100 kan tarihin Sabon Ibadan, aka ce in mayar da su shafi ɗaya saboda taron dattawa.

Ƙa'ida ɗaya na bi: duk shekarar da ban iya cewa "wannan ya jawo wancan" ba, na cire ta. Misali, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin goro da shanu ya bunƙasa, fatake suka yawaita, aka keɓe musu Sabo a 1916. Kibiya uku ke nan.

Hotunan sarakuna fa? Ai kuwa nan aka yi gardama, don kowa na son ganin kakansa. Na bar sunan wanda zamaninsa ya sauya wani abu kawai.