Guruf ɗinmu ya yi girma: mu zauna a WhatsApp ko mu koma Telegram?

Kusan duk ƙungiyar da mutanenta suka haura ɗari biyu sai an yi wannan muhawarar a cikinta. Matasa su ce a koma Telegram, dattawa su ce su WhatsApp suka sani, wani kuma ya kawo maganar Signal ya ce ita ce mai sirri. Ni da nake cikin masu kula da guruf ɗin ƙungiyarmu a nan Legas, kuma nake riƙe da na danginmu, na ji kowane ɓangare. Abin da na fahimta shi ne yawan mutane, wanda a kansa ake fara gardama, shi ne mafi sauƙi a cikin matsalolin. Waɗanda suka fi cizo biyu ne: wa ke ganin lambar wayar wa, da kuma wayar wa za ta fara cika.

Maganar yawa a taƙaice take. Guruf ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. Na Signal yana ɗaukar 1,000. Na Telegram yana kaiwa 200,000. In dai ku dangi ne, ko ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan, da wuya ku cika dubu. Kuma ko da manhaja ta ba ku damar tara mutum dubu ɗari biyu, ba a hira da mutum ɗari biyar a ɗaki ɗaya. Tun kafin a kai iyakar da kamfani ya sa, guruf ya riga ya zama kasuwa, sanarwar rasuwa ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar safiya guda tamanin.

Sirri shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, domin abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai ɓoye magana daga kamfanin da ya yi manhajar da duk wanda ke tsakani, akwai kuma ɓoye kanka daga sauran mutanen da kuke guruf ɗaya.

A na farko, WhatsApp da Signal suna kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa, ba ya buɗewa sai a wayar waɗanda aka aika wa, har a cikin guruf. Telegram ba haka take ba, duk da sunan da ta yi. Hirar guruf a Telegram tana ajiye ne a rumbun kamfanin, kuma kamfanin ne ke riƙe da makullin. Irin wancan kullewar tana cikin abin da suke kira Secret Chat ne kawai, shi kuma tsakanin mutum biyu ake yinsa, ba a yinsa a guruf. Don haka wanda ya ce a koma Telegram saboda ta fi WhatsApp kulle magana, ya juya zancen.

Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a guruf mai mutum ɗari shida, kamfani ne abin tsoronmu? Duk abin da ka rubuta, mutum ɗari shida sun gani, kowannensu kuma zai iya ɗaukar hoton allon wayarsa ya tura inda ya ga dama. Kullewar ba ta hana wannan. Abin da ya fi cutar da mu shi ne na biyu. A guruf na WhatsApp, wanda duk ya shiga yana iya buɗe jerin mambobi ya kwashe lambobin mutane. Haka aka yi mana: linkin shiga ya yawata daga wannan guruf zuwa wancan, wani baƙo ya shigo bai taɓa cewa uffan ba, bayan 'yan kwanaki mata suka fara samun saƙon "salam, ina son mu san juna" da tsakar dare. Wasu matan aure suka fice ba sallama, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Mai damfara ya ɗauki lambar dattijo daga jerin, ya kira shi, ya ambaci sunan ƙungiya, ya ce za a yi taro ta waya, an turo masa lambobi shida, ya karanto su a yi masa rajista. Lambobin nan su ne na buɗe WhatsApp ɗinsa a wata wayar. Da ya karanto, shi ke nan, an ƙwace, sai a fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya da sunansa ana neman rancen gaggawa. Maganin wannan yana cikin Settings, sai Account, sai Two-step verification, inda mutum zai sa wasu lambobin sirri nasa na kansa. Mu yanzu mun mayar da shi sharaɗi ga duk wanda za a ba shugabancin guruf.

A wannan fannin Telegram ta fi. Mutum zai shiga Privacy and Security, ya taɓa Phone Number, ya zaɓi Nobody, sai 'yan guruf su ga sunansa kawai. Signal ma tun 2024 ta kawo tsarin suna, ta yadda lambarka ba ta bayyana ga wanda ba shi da ita a wayarsa. A kan takarda Signal ce ta haɗa biyun, ga kulle magana ga ɓoye lamba. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba ce: mutanenmu ba sa can. Na gwada da 'yan kwamiti, mutum tara kacal, sai da aka yi mako biyu ana kiran wasu a waya ana cewa su leƙa an yi magana.

Sai maganar cikar waya, wadda masu manyan wayoyi ba sa ji a jikinsu. Ku ɗauki ɗan'uwanmu mai sayar da kayan gwari a Mile 12, ko mai acaɓa, da wayarsa mai ɗaukar 32 GB. Manhajojin da wayar ta zo da su sun riga sun cinye wani babban kaso tun kafin ya ɗauki hoto ko ɗaya. A ce ana turo bidiyo goma a rana a guruf, na wa'azi, na siyasa, na barkwanci, kowanne kamar 15 MB. Wannan 150 MB ke nan a rana, a wata kuwa 4.5 GB. Guruf ɗaya fa, ba a lissafa hotuna da saƙonnin murya ba. In yana cikin guruf uku irin wannan, wata biyu sun isa wayar ta fara cewa babu wuri. Kuma duk abin da ya sauka, da datarsa ya sauka. Alamar ita ce mutum ya ce wayarsa tana nauyi, ko hoto ya ƙi buɗewa, ko ya daina samun saƙo gaba ɗaya. Daga nan sai ya kai wa mai gyara, a goge komai, har da hoton rasidin kuɗin da ya biya.

Dalili shi ne WhatsApp a cikin wayarka take ajiye kaya. Telegram kuwa a rumbunta take ajiyewa, abin da ke wayarka kwafi ne kawai. Za ka iya shiga Data and Storage, sai Storage Usage, ka share, bidiyon yana nan, duk ranar da kake so ka sake sauke shi. Ko wayar ta ɓace, ka sayi wata, komai zai dawo. Wannan ne ainihin fifikon Telegram, kuma shi ne dai abin da ya sa hirarta ba ta kulle daga kamfani. Ba a samun ɗaya sai an saki ɗaya.

Sai dai cikar waya a WhatsApp tana da magani, minti biyar ne. A shiga Settings, sai Storage and data, a ƙarƙashin Media auto-download a cire alamar da ke kan bidiyo da sauti da takardu, ta yadda babu abin da zai sauka sai an taɓa shi. A nan kuma akwai Manage storage, wanda zai nuna guruf ɗin da ya fi cin wuri da kayan da suka haura 5 MB, a share su lokaci ɗaya. Shugaban guruf zai iya kunna Disappearing messages ya zaɓi kwana 90, tsofaffin saƙonni su riƙa ɓacewa da kansu, amma kada a kunna shi a inda ake turo shaidar biyan kuɗi. A taronmu na wata-wata mun sa yara biyu su zauna a bakin ƙofa, duk dattijon da ya shigo su karɓi wayarsa su gyara masa. Wannan ya rage ƙorafi fiye da duk dokar da muka taɓa rubutawa a kan tura bidiyo. A sani kuma, masu ajiye kwafin hirarsu a Google Drive, tun 2024 kwafin yana cin wuri a cikin 15 GB ɗin da ake bayarwa kyauta, don haka gara a kashe Include videos.

To me muka yi? Ba mu ƙaura ba. Hajiya da ke ƙauye, wadda jikanta ya koya mata danna alamar makirfo ta yi magana, ba za ta koyi sabuwar manhaja don mu ba, kuma guruf ɗin dangi da babu ita a ciki ba na dangi ba ne. Na dangi, mutum tamanin da 'yan kai, yana nan a WhatsApp yadda yake, domin kowa ya riga yana da lambar kowa.

Na ƙungiya shi muka tsaga. Babban ya koma na sanarwa zalla, shugabanni kaɗai ke iya rubutu, kuma ba a tura bidiyo. Muka soke tsohon linki da Reset link, muka kunna Approve new members, babu mai shiga sai wani sananne ya tsaya masa. Hira ta koma ƙananan guruf, na unguwa-unguwa, da na mata wanda mata ne ke riƙe da shi. Maganar kuɗi, da jerin sunayen waɗanda aka taimaka wa da kuɗin asibiti ko na mota zuwa gida, tana wurin 'yan kwamiti kaɗai, don babu wanda yake so mutum ɗari shida su san ranar da ya gaza. Telegram kuma muka ba ta aikin da ta fi iyawa, ta zama rumbu: bidiyon taro, hotunan hawan sallah, kundin tsarin ƙungiya, duk a can ake zubawa, a kawo linki kawai cikin na sanarwa. Mai data da wuri ya je ya kalla.

Abu ɗaya ne har yanzu ba mu warware ba, kuma ina so in ji yadda sauran ƙungiyoyi suke yi. Ko da shugabanni kaɗai ke rubutu, jerin mambobi a guruf na yau da kullum yana buɗe ga duk wanda ke ciki. Wasu sun ba da shawarar mu koma tsarin Communities na WhatsApp, inda a zauren sanarwa shugabanni ne kawai ke ganin cikakken jerin mutane. Za mu gwada shi da reshen unguwa ɗaya tukuna, mu ga ko dattawa za su gane inda sanarwa take fitowa kafin mu kwashi kowa.