Inda Layi Ya Tsaya

A zangon da aka tura mu makarantu domin gwajin koyarwa, ni an ba ni aji ɗaya na babbar sakandare in koya musu ilmin halittu. Da muka gama darasin ƙwayar halittar tsiro, watau sel, sai na yi musu 'yar jarrabawa. Na ce kowa ya zana ƙwaya guda ta ganye, ya nuna sassa shida da layi, ya rubuta sunan kowane. Sassan su ne bango, da tantani, da saitofilazam, da nukiliyas, da bakiyol, da kulorofilas. Maki goma ne duka: ɗaya na kan magana, uku na zane, shida na sunaye.

Da dare na zauna da takardu 42 da jan alƙalamina. Da na kai kan takardar wata yarinya, wadda kowa ya san ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajin, sai raina ya yi fari. Zanen nan tsaf, ta ja bango da layi biyu, ba kankare ko ɗaya, layukan sunaye duk da rula ta ja su, rubutu kuwa kamar na ɗab'i. Na karanta sunayen daga sama zuwa ƙasa, shida cif, ba wanda ta ɓata harafinsa. Nan take na dangwala mata goma. Bayanta kaɗan sai ga ta wani yaro mai zama a bayan aji. Ƙwayarsa ta karkace kamar tsohon kwando, ya kankare har takarda ta yi baƙi. Na yi tsaki na ba shi shida.

Da safe na kai wa malamin da aka danƙa ni hannunsa, wani dattijo wanda ya daɗe yana wannan aiki. Ya jawo takardar yarinyar, ya dube ta, sa'an nan ya ɗora tafin hannunsa ya rufe sunayen duka. Ya sa bakin fensir a inda layi na farko ya ƙare cikin zanen, ya ce, "Malam, mene ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan bakiyol ne."

Ya ɗaga hannu. Sai ga shi an rubuta nukiliyas. Kunya ta rufe ni. Ya ce, "Kai daga wajen suna ka fara karatu, shi ya sa. Suna kowa yana iya haddace shi. Amsar yaro tana bakin layi. Je ka sake duba su duka, ka fara daga ciki ka fito waje." Bai ƙara ko kalma ba.

To, ga abin da na tarar da na bi layukan yarinyar ɗaya bayan ɗaya.

Layin bango ya tsaya tsakanin layuka biyun nan da ta ja, daidai ne. Layin kulorofilas ya taɓa ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin da ta zana a gefe, shi ma daidai. Layin saitofilazam ya sauka a siririn filin da ke tsakanin tantani da bakiyol, sai dai saura kamar gashi guda ya faɗa cikin bakiyol. Na ba ta, domin bakin layin yana cikin wurin da ya kamata. Sauran ukun nan ne suka ɓaci. Layin nukiliyas ya tafi ya tsaya a tsakiyar babban fili, wanda shi ne bakiyol. Layin bakiyol kuma ya tafi kan ɗan dunƙulen da ke gefe, wanda shi ne nukiliyas. Layin tantani kuwa ya zo ya tsaya a bayan bango, bai ko shiga ba.

Watau sunaye uku ta samu, ba shida ba. Da maki ɗaya na kan magana da uku na zane, bakwai ke nan. Shi kuwa yaron, duk munin zanensa, layukansa shida kowane ya faɗa inda ya dace. Zane na ba shi ɗaya, domin bai ja bango da kauri ɗaya ba, ya kuma ɓata takarda, kan magana ɗaya, sunaye shida. Takwas ke nan. Ashe da na bar abin yadda na yi da dare, da na ɗora wadda ba ta gane ba a kan wanda ya gane, da tazarar maki huɗu.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi ta kawo mini hujja. Ta ce ai yarinyar musanya kawai ta yi, kuskure ɗaya ne, don me za a cire mata biyu? A ba ta ko rabi-rabi mana. Na daɗe ina juya wannan. Abin da ya raba mini gardama shi ne, na riga na rubuta sunayen shida a allo tare da tambayar. Wanda duk ya iya kwafa zai kawo su. In na ba da rabin maki don suna kurum, to, wanda ya watsa layukansa ido rufe zai tashi da uku daga cikin shida. Gaskiya ne ruɗu ɗaya ne a kanta, kuma gyara ɗaya zai warkar da shi, amma a takarda sassa biyu ne aka nuna ba daidai ba, kowane kuwa da makinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin kuskuren. Saboda haka lokacin tara na kira ta, na ba ta zanen da ba suna, na ce ta nuna mini tantani da bakin fensir. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗora a kan layin da ke manne da bango daga ciki. Na ce, "To, don me layinki ya tsaya a waje?" Ta ce, "Malam, na ji tsoron kada in ratsa bangon in ɓata zanen." Wannan kuskuren hannu ne, ta san abin. Duk da haka ban mayar mata da makin ba, domin ranar babbar jarrabawa ba wanda zai kira ta ya tambaye ta abin da take nufi. Na dai gaya mata cewa layin suna yana da izinin ratsa duk abin da ya tare masa hanya, har ya taɓa abin da aka aike shi.

Sa'an nan na ce ta nuna mini nukiliyas. Sai ta sake ɗora fensir a tsakiyar fili. Na ce, "Wa ya gaya miki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai kai ka ce shi ne cibiya."

Nan jikina ya yi sanyi. Lalle na faɗa. Don in sauƙaƙa musu, na ce nukiliyas shi ne cibiyar ƙwaya, ina nufin shi ke riƙe da umarnin aikinta. Bakiyol kuma na ce 'yar jakar ruwa ce. Ga Bahaushe kuwa cibiya a tsakiya take, 'yar jaka kuma ƙaramin abu ce. Har wa yau, makon da ya wuce mun yi ƙwayar dabba, inda a zanen littafi nukiliyas ke zaune kusa da tsakiya. Yarinya ta bi maganata sawu da ƙafa. Na koma na ƙirga, na tarar mutum 17 sun yi wannan musanya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gaskiyar al'amari, a ƙwayar tsiro wadda ta gama girma, bakiyol ne babba. Yana iya cin kashi 80 ko 90 cikin ɗari na cikinta, ya tura saitofilazam da nukiliyas da kulorofilas su manne a jikin bango, kamar mutanen da suka raɓe a gefen ɗaki don an shigo da babbar randa. Shi kuma tantani siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita ba, kuma ruwan bakiyol yana danna shi a jikin bango. Don haka a madubin ƙara girma na makaranta ba a ganinsa dabam. Layin da muke ja masa a allo alama ce kawai. Ko Robert Hooke, wanda ya fara kiran abin nan sel a littafinsa na 1665, bangaye ne kurum ya gani a ɓawon itace, domin ƙwayoyin sun riga sun mutu. Sai a 1831 Robert Brown ya yi bayanin nukiliyas ya ba shi wannan suna. In manyan masana sun daɗe haka, ba abin mamaki ba ne yaro ya ruɗe a kwana uku.

Washegari na sayi jar albasa guda, na ari madubi ɗaya da makarantar ke da shi. Na sa shi a ninki ɗari. Da farko na ɓare siririyar fata mai launi ta bayan saɓar albasa, na shimfiɗa a ɗan gilashi da ɗigon ruwa. Launin nan na jar albasa cikin ruwan bakiyol yake, saboda haka kowa ya leƙa sai ya ga ya cika ƙwayar kusan baki da baki. Ban sake cewa 'yar jaka ba. Daga nan na ɓare farar fatar ciki na ɗiga mata aidin, sai ga nukiliyas, ɗan dunƙule mai duhu. Wani ya ce nasa a tsakiya yake. Na ce ya tuna ƙwaya kamar akwati take, daga sama muke leƙenta; abin da ya manne a rufi ko a ƙasa zai yi kamar yana tsakiya. Na kuma gargaɗe su kada su nemi kulorofilas a nan, domin kan albasa a cikin ƙasa yake girma, ba shi da su.

Na ƙarshe shi ne ya fi yi musu daɗi. Na narka gishiri cokalin shayi ɗaya a ruwa mililita 100, na ɗiga a gefen fata mai launi. Cikin 'yan mintoci ruwa ya fita daga ƙwayoyin, launin ya tsuke ya janye daga bango, bangon kuwa yana nan tsaye. Na ce, "Wannan iyakar da ta janye, a nan tantani yake." Da na sa ruwa mai daɗi, ya sake kumbura ya koma. Gani ya kori ji.

Da izinin dattijon nan na bar makin farko yadda yake, amma na sake yi musu wata jarrabawar, na gaya musu a fili cewa kalmata ce ta ɓatar da su. Yarinyar ba ta ji daɗin bakwai ɗin nan ba, kwana biyu gaisuwarta a taƙaice take. A ta biyun ta samu goma, na kuwa rufe sunayen da hannuna kafin in ba ta. Yaron ya samu tara, har yanzu bangonsa a karkace.

'Yan'uwana da za a tura baɗi, ga abin da na samo. Kafin ku buɗe takarda ta farko, ku rubuta wa kanku inda bakin kowane layi zai tsaya kafin ya ci maki, ku bi wannan a kan kowa. Ku rufe sunaye, ku fara daga bakin layi. In kuma kun ga kuskure iri ɗaya ya yawaita, ku koma ku tuna kalmar da kuka faɗa a gaban allo. Allah ya sa mu dace.