Wata shida tsakanin allurar farko da ta uku

Ranar da na gama idda na je ɗakin gwaji na asibitin da nake aiki, na miƙa hannu aka ɗebi jinina. Ba ciwo nake ji ba. Shekara bakwai na yi da mijin da rabin watansa a kan hanya yake ƙarewa, kuma abin da ya raba mu bai bar mini dalilin yarda da shi ba. Na zaɓi wannan rana ne da gangan, domin gwajin ƙanjamau na ɗan tsinke da muke yi a asibitocinmu ba ƙwayar cutar yake gani ba, garkuwar da jiki ya yi mata yake nema, ita kuma tana iya ɗaukar wata uku kafin ta bayyana. Tsarki ukun da shari'a ta ɗora wa wadda aka saka kusan daidai yake da wannan lokaci. Takardar ta fito lafiya lau, na ninke ta na sa a ƙasan akwati, na ce wa kaina ni da aure sai dai in ji ana yi.

Wanda bai zauna gari irin Bagudo ba zai yi tsammanin bazawara mai albashi ba ta da damuwa. Gari ne da kowa ya san gidan kowa. Tun daga Kaoje har Illo da Lolo, da wuya ka ambaci mutum ba a sami wanda ya auri 'yar dakinsu ba, kuma zumuntar ba ta tsaya a kan iyaka ba, ta tsallaka har Segbana da Malanbil a ƙasar Benin. Idan mota ta tsaya a ƙofar gidanmu bayan magariba, kafin hantsi an san mai ita. Idan na yi kwalliya, an ce ina neman miji ido rufe. Idan na ƙi fita wurin mai sallama, an ce boko ya sa ta raina maza, shi ya sa ma auren farko bai zauna ba. Shekara biyu na yi ina sallamar manema da uzurin aiki. A gaskiya tsoro ne, kuma iri biyu ne: kada a sake yi mini ƙarya, kada kuma a ce ga ta nan ta sake fitowa.

Wanda ya karya mini wannan taurin kai ɗan kasuwa ne mai safarar albasa da shinkafa ta hanyar Tsamiya. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, ta bar masa 'ya'ya uku. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma bai taɓa tambayata abin da ya kashe aurena ba, abin da kowane manemi kafin shi yake fara lalube. Da magana ta yi nisa har manya suka shiga, sai na ce masa ina da sharaɗi ɗaya.

"Alhaji, ina so mu je a auna jininmu tare, kowa ya ga takardar ɗan'uwansa."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, zargina kike yi?"

Na ce ba na zarginsa, kuma tawa takardar zan fara miƙa masa. Na gaya masa ba ni na ƙirƙiro abin ba: tun auren zawarawan da Hukumar Hisba ta Kano ta fara shiryawa a 2012 ake auna jinin ma'aurata, kuma a 2024 Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka. Amma ban yarda a yi shi a inda nake aiki ba. Ba don ina shakkar amanar abokan aikina ba. Ganinmu tare a kan benci ɗaya kaɗai ya ishi gari labari. Birnin Kebbi muka tafi, kowa a motarsa, ni da ƙanwar Inna.

Gwaji uku muka nema. Ƙanjamau babu ga kowa. Na sikila ya nuna ni AA ce shi kuma AS, wanda ba matsala ba ne, tunda sai duka biyu suna ɗauke da S ake fargabar kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da amosanin jini. A na uku ne, inda aka rubuta HBsAg, tawa ta fito babu, tasa ta fito akwai. Yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

Ya karɓi takardar, ya yi mini sallama cikin ladabi, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba har mako uku. Waya a kashe. Aka ce ya tsallaka Benin sayen kaya. Ba zan ɓoye ba, a waɗannan makonni na koma daidai inda nake ranar da aka miƙo mini takardar saki. Ba na barci. Ni da nake hana mata ƙwayar barci ba da takardar likita ba, na tsinci kaina ina kallon kwalbarta a kan kanta fiye da yadda ya kamata. Ban sha ba, amma tun daga lokacin na daina yi wa masu roƙonta kallon raini.

Da ya dawo, bai shiga zaure ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce ya zo ne ya sauwaƙe mini. Ya ce ya san abin da zan ɗauka game da mutumin da yake kwana a garuruwan kan iyaka, kuma ya rantse bai taɓa sanin wata mace ba bayan marigayiya. Sai a nan na gane cewa makon ukun da na yi ina tsoron an yaudare ni, shi ya yi su ne yana tsoron hukuncin da zan yanke masa. Ban taɓa kawo wa raina cewa namiji ma yana shiga zawarci da irin wannan fargaba ba.

Na sa aka shimfiɗa masa tabarma, na yi masa bayanin da nake yi wa masu zuwa karɓar magani, sai dai wannan karon muryata tana rawa. Ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta jini da ta saduwa, gaskiya ne. Amma a ƙasashenmu mafi yawan masu ɗauke da shi na dindindin tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same shi, daga uwa wurin haihuwa, ko ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya, tsaga ko cire beli da ita. Dalili kuwa shi ne, jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma ƙwayar takan zauna masa har girma, alhali babban da ya kamu, fiye da 90 cikin 100 jikinsu yakan kore ta da kansa cikin watanni. Saboda haka magidanci ɗan shekara arba'in da aka samu da ita zaune, tarihin ƙuruciyarsa ya fi cancanta a tambaya kafin a tambayi halinsa. Na ce masa ko akwai wani a gidansu da ya yi ciwon hanta. Ya ce yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu da kumburin ciki da shawara, aka ce sammu ne. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwaya, ninkin ba ninkin na masu ƙanjamau. A kowane sahun salla akwai su, yawancinsu ba su sani ba. Kuma ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya ko musabaha.

Sauran aikin ya rabu biyu. Nasa shi ne ya ga likita, a auna lafiyar hantar da yawan ƙwayar a jini, a yi hoton ciki, sannan a maimaita gwajin farko bayan wata shida, domin sai ya wuce wata shida yana nan ake kiransa na dindindin. Ba kowa ake ɗora wa magani ba. Wanda ya buƙata, ƙwayar tenofobir ɗaya yake sha kullum. Tana danne cutar, ba ta kawar da ita, kuma barinta kwatsam yana iya tayar da ciwon da ƙarfi. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya taɓa jiƙe-jiƙen "wankin hanta" da ake talla a kasuwannin kan iyaka, don hantar da ke fama ba ta buƙatar ƙarin abin da ba a san me ke cikinsa ba. 'Ya'yansa uku ma a auna su.

Nawa aikin ya zo da abin kunya. Riga-kafin wannan ciwo allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ni mai harhaɗa magunguna, wadda ke ajiye wannan allura a firjin asibiti, guda ɗaya tak na yi tun ina jami'a, ban koma ba. Da aka auna garkuwata, wato anti-HBs, ba ta kai 10 ɗin da ake buƙata ba. Na yanke shawarar yin ukun cif, in kuma sake aunawa wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe. Na ce masa ba za a ɗaura aure ba sai na ga wannan lamba da idona.

Wata bakwai ke nan, kuma a Bagudo bazawara ba ta jan manemi wata bakwai ba tare da bayani ba. Bayanin kuwa ba nawa ba ne da zan bayar, sirrinsa ne. Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Ɗiyata, ke ba budurwa ba ce. Mutumin kirki ya zo, me kike jira? Mutane sun fara cewa ke ce mai ciwon." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, akwai dalili, kuma ba sharri ba ne." Ta dube ni ta daɗe, ba ta sake tayar da maganar ba, amma na san abin da take sha a gidajen suna da biki. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, har yau kuma ban tabbata na kyauta mata ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne amfanin da jiran ya yi mini. A auren farko, wata biyu ne tsakanin ganina da ɗaurin aure. Wannan karon na sami lokacin ganin ko mutum yana cika ƙaramin alkawari. Ya kai yaran gwaji, duka ukun lafiya, aka yi wa babbar allurar da ba ta samu ba. Ya je wurin likita sau biyu ba tare da na tuna masa ba, ya kawo mini takardun da hannunsa. Hantar ƙalau, ƙwayar kaɗan, babu buƙatar magani tukuna, sai bibiya a kai a kai. A wata na huɗu kuma shi da kansa ya je ya gaida Inna, ya gaya mata gaskiyar abin da ya jawo jinkirin, ba tare da ya shawarce ni ba. Na yi fushi kwana biyu, ban ma san dalilin fushin ba.

Mun yi maganar haihuwa ma. Idan Allah ya kawo rabo, jaririn zai sami allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida naƙuda ta kama ni, sauran kuma su biyo a riga-kafin yara na yau da kullum.

Na yi allura ta uku ranar wata Talata, abokiyar aikina ce ta yi mini, tana tsokanata wai amarya mai tsoron tsini. Bayan mako shida na koma Birnin Kebbi, ni kaɗai. Sakamakon ya haura 100. Na ɗauki hoton takardar na tura masa ba tare da na rubuta komai ba. Yana Tsamiya ana loda masa albasa, sai bayan la'asar ya kira. Bai tambayi ma'anar lambar ba, cewa ya yi in tambayi Inna ranar da kawunsa zai zo.