Kuɗin da ya shigo daban, riba daban: lissafin shagona na shekara

Wannan rubutun na ɗalibai 'yan'uwana ne masu ɗan kama sana'a a gefen karatu, masu sayar da turare da atamfa a hostal, masu data, masu kilishi, da irinmu masu shago. Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji nake jin mutane suna cewa duk alat ɗin da ya shigo wayarka sai gwamnati ta ciri nata. Har na ga wata ta daina karɓar turansfa, sai kuɗi hannu, tana ta asarar kwastomomi. Ba haka abin yake ba. Wanda yake sana'a shi kaɗai da sunansa, a kan riba ake lissafa masa haraji, ba a kan ciniki ba. Matsalar dai ita ce yawancinmu ba mu san ribarmu ba, cinikinmu muka sani.

Ni a Jami'ar Ibadan nake karatu, kuma ina da ɗan shagon fotokofi da buga takardu a Agbowo, tsallaken babbar ƙofar makaranta. Zan baje muku lissafina na shekara guda, Janairu zuwa Disamba. Na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi.

Da na haɗa abin da ya shiga akawun ɗina da kuɗin hannu da nake rubutawa a littafi kullum da yamma, na samu naira miliyan 6.9. Wallahi da na ga adadin sai da na yi dariya, don a ranar ko kuɗin cika tankin janareto sai da na lalubo. Amma ba duka ne ciniki ba. A ciki akwai dubu 600 da Baba ya turo min na makaranta da sauran hidima, akwai dubu 400 na kwasar adashi, sai kusan dubu 500 na abokai masu cewa "bari in tura maka, ka ba ni a hannu". Waɗannan miliyan 1.5 ba sana'a ce ta kawo su ba. Idan aka cire su, ainihin cinikina miliyan 5.4 ne. Shi ya sa nake ganin duk mai sana'a ya kamata ya ware mata akawun nata daban, ko da a wayar ne. Tsintar kuɗin Baba daga cikin alat sama da dubu ba ƙaramin aiki ba ne.

Daga nan sai kayan aiki, wato takarda, tona da kayan ɗaurin furojet. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Abin da ake cirewa shi ne kayan da aka yi amfani da su a shekarar, ba duk wanda aka saya ba. Na shiga shekarar da kayan dubu 150 a shago. A tsakiyarta na sayi na miliyan 2 da dubu 50. Ranar 31 ga Disamba na rufe shago da wuri, ni da yarona muka ƙirga katan-katan na takarda da kwalaben tona, muka samu na dubu 200. To ka haɗa na farko da wanda aka saya, ka cire wanda ya rage, sai ka samu miliyan 2 cif. Kayan da suka rage ba su ɓata ba, suna nan a kan kanta, lissafin baɗi ne zai ɗauke su. Kuma da farashin da ka sayo ake ƙirga su, ba da wanda za ka sayar ba. 'Yar'uwa mai atamfa, wannan ya fi shafar ki, don turmi goma da ke ƙarƙashin gado ba kashe kuɗi ba ne tukuna.

An cire miliyan 2 daga 5.4, saura miliyan 3.4. Sai hidimar tafiyar da shago. Haya dubu 360. Fetur da kuɗin wuta dubu 540, ku dai bari, wannan shi ne abin da ya fi ci min rai, musamman lokacin furojet da janareto yake yini a kunne. Yaron da yake zama min idan ina lakca, dubu 30 a wata, dubu 360 ke nan. Gyaran injuna dubu 120. Cajin banki da na POS dubu 40. Sai data da kati: na kashe dubu 120, amma da wayar nan ɗaya nake karɓar aikin kwastomomi, da ita kuma nake kiran Hajiya da kallon ƙwallo, don haka rabi na saka, dubu 60. Duka sun kama miliyan 1 da dubu 480. Ribar shago ta tsaya a miliyan 1 da dubu 920.

Ma'aunin da doka take bi a nan shi ne, an kashe kuɗin ne kacokan don sana'ar ta samu kuɗi? Abincina bai shiga ba. Kuɗin makarantata bai shiga ba, duk da cewa da kuɗin shagon nake cikasa wani abu. Ɗinkin sallah, kuɗin mota zuwa Sabo gaida su Hajiya, gudummawar bikin aboki, duk babu. Wani abokina ya yi ta musu da ni, wai ai shi ma yana aiki a shagonsa, don me ba zai rubuta wa kansa albashi ya cire ba? Na ce masa Malam, kai da shagon abu ɗaya ne a idon doka. Ribar ita ce albashinka. Abin da kake zara kana kashewa a kanka ribar kake ci, ba ka rage ta ba. Ko ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, haka zancen yake, don rajistar suna ba ta mai da kai kamfani. Sassaucin da kuke ji an yi wa ƙananan kamfanoni nasu ne, mu a layin harajin mutum muke.

Akwai abu ɗaya da ban saka a hidima ba. A watan Maris na sayi injin fotokofi na hannu, dubu 600. Injin ba kamar takarda ba ne da za ta ƙare a wata guda, zai yi min aiki shekaru. Saboda haka ba a cire kuɗinsa duka a shekara ɗaya, ana gutsurawa ne kaɗan-kaɗan. Na kayan aiki irin wannan kashi 20 cikin ɗari ne a shekara, wato dubu 120. Saura miliyan 1.8.

Yanzu ga tambayar da kowa yake yi, wadda ni ma take zuwa min a rai duk shekara: in har na ci ribar kusan miliyan biyu, ina kuɗin? Akawun ɗin shago a ƙarshen Disamba ya ma gaza yadda ya fara a Janairu. Amsar tana cikin lissafin. Ina zarar kusan dubu 110 a wata don kaina, miliyan 1 da dubu 320 ke nan. Injin ya ci dubu 600. Kayan shago sun ƙaru da dubu 50. Ka haɗa su, miliyan 1 da dubu 970, sun ɗara ribar da dubu 50, kuma daidai abin da akawun ya ragu da shi ke nan. Wannan gwajin yana da amfani sosai. Idan ka yi naka ka ga giɓi babba tsakanin abin da lissafi ya ce da abin da ke hannu, to ɗayan uku ne: akwai cinikin da ba a rubuta ba, ko kana zarar fiye da yadda kake zato, ko wani yana taya ka zara.

Sai harajin kansa. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yi shi hawa-hawa. Dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da suka biyo baya kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake ta hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50, wanda mu dai sai addu'a. Ku lura, kowane kaso a kan hawansa kaɗai yake. Wanda ya samu dubu 900, a kan dubu ɗarin da ta hau ne kawai zai biya, dubu 15.

Kafin a hau matakalar akwai rangwamen hayar gida: kashi 20 na hayar wurin kwananka, amma ba zai wuce dubu 500 ba. Ɗakina dubu 250 ne, rangwamena dubu 50. Wannan daban yake da hayar shago, wadda aka riga aka cire ta duka a hidima. To miliyan 1.8 ban da dubu 50, saura miliyan 1 da dubu 750. A cire dubu 800, saura dubu 950. Kashi 15 na wannan shi ne naira 142,500. Harajina na shekara ke nan, ƙasa kaɗan da dubu 12 a wata.

Ba zan ce muku kuɗin bai yi min zafi ba, katan nawa na takarda ke nan. Amma ku kwatanta. Da a kan cinikin miliyan 5.4 aka ɗora waɗannan hawan, da dubu 762 zai kama. Da a kan duk abin da ya shigo ne, miliyan 6.9, da ya haura miliyan ɗaya. Tazarar da ke tsakanin dubu 142 da waɗannan, littafi da risit ne suke riƙe da ita. Wanda ba shi da rubutu, hukuma tana da ikon yi masa ƙiyasi da kanta, kuma idan ƙiyasin ya yi yawa da me zai yi gardama? A gefe guda, da yawa cikin masu sayar da data da turare a hostal, in suka zauna suka yi lissafin nan, za su ga ribarsu ba ta kai dubu 800 ba, babu ko sisi a kansu. Tsoron banza ne yake hana su karɓar turansfa.

Harajin mutum na jihar da kake zaune ne. Ni na jihar Oyo ne tunda a nan nake kwana nake sana'a, ba na jihar da kakannina suka fito ba, ba kuma na hukumar tarayya ba. Ana miƙa bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Tikitin da ƙaramar hukuma ko 'yan ƙungiyar kasuwa suke yanka mana wani abu ne daban, biyansa ba ya sauke wannan.

Inda aikin yake da wuya a wajenmu shi ne shaida. Dilan da nake sayen takarda a wajensa ba ya ba da risit sai ka matsa, mai gyaran inji kuwa ko biro ba ya yawo da shi. Abin da nake yi, ina biyansu ta turansfa daga akawun ɗin shago, in rubuta abin da na saya a wurin bayani, misali takarda katan biyar. Na gidan mai ina ɗaukar hoton risit ɗin nan take, don irin takardar POS ɗin nan rubutunta yakan goge kafin wata uku. Yarona kuma yana sa hannu a bayan littafi duk ƙarshen wata idan ya karɓi dubu talatin ɗinsa.