Idan aka maido miki da mai

Ƴan uwana mata, duk mai sana'a wata rana sai an maido mata da kaya. Ni man gyaɗa nake tatsa ina saidawa a ɗan butikina na ƙofar gida, kuma abin da na lura shi ne, ba kuɗin da aka maida ke kashe ciniki ba, maganar da za ta zagaya gidajen biki ita ce ke kashe shi.

Don haka ba na yin ciniki da mai fushi a bakin titi. Sai in ce, "Yaya, shigo daga ciki ki sha ruwa." In shimfiɗa mata tabarma, in bar ta ta faɗi nata har ƙarshe. Muryar da ta tashi gaban jama'a takan sauka da kanta in an zauna.

Sannan a duba kayan tare. Duk tatsar da na yi, nakan ɗibi kaɗan a ƙaramar kwalba in rubuta ranar a jiki in ajiye a inuwa. Ita ce shaidata.

Kwanaki wata maƙwabciya ta sayi litar 2 a jika 3. Bayan sati biyu ta dawo, wai man yana wari, yana tartsatsi a wuta, a ba ta kuɗinta. Na ɗauko kwalbar wannan tatsar muka shinshina, lafiya lau. Muka ɗaga bidon da ta kawo a haske, sai ga ruwa kwance a ƙasa. Ashe ta wanke bidon ta zuba mai bai bushe ba, kuma a rana take ajiye shi. Ruwa da zafin rana su ne ke saurin lalata mai.

Ban ce mata "laifinki ne" ba, idonta ya gani. Ban maida jika 3 ba, don in na yi haka na amsa cewa maina ne marar kyau, gobe ma wata ta zo. Na dai zuba mata rabin litar a busasshiyar kwalba, na ce, "Ga wannan ki yi miya, kada yara su kwana haka." Har yau wurina take saye.

Da a ce kwalbata ma ta yi wari, da nan take zan musanya mata ko in ƙirga mata kuɗinta cif, ba ja-in-ja, in kuma aika wa duk wadda ta sayi wannan tatsar ta kawo a canza mata tun ba ta yi magana ba.

Abu na ƙarshe: kuɗin maidawa kada ya fito daga bashin asusu, don ranar biya ba ta jira. Ni kowace ranar kasuwa nakan ware dala 20 a wani gwangwani daban saboda irin wannan rana.